Me ya sa ninka tara ba ya rage masu tauye mudu? Fashin baƙi kan daidaito a wasan mutum biyu

Tun da damina ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, farashin masara da dawa ya tashi, magana ɗaya ake ta yi a layin 'yan hatsi na wata kasuwa a nan Garwa. An ninka tarar mai tauye mudu, to me ya sa har yau mata ke komawa gida su sake aunawa su tarar kwano bai cika ba? Wasu sun ce tarar ce ba ta yi zafi ba, a sake ninkawa. Wasu sun ce wanda aka ɗora wa aikin duba kwanuka ne ya yi sanyi, a sauke shi.

Kawuna yana cikin dattawan da suka yanke wannan tara. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya ce da ni: "Malam, kai da kake koyar da lissafi a lise, gaya mini. Mako uku na farko kowa ya shiga taitayinsa. Yanzu kuma kamar ba a yi komai ba. Ina kuskuren yake?"

Amsar tana cikin wani reshen lissafi da ake kira nazarin wasa. Wasa a nan ba dara ko langa kawai ake nufi ba. Duk wani yanayi ne da abin da za ka samu ya dogara da zaɓinka da kuma zaɓin wani mai wayo irinka, wanda shi ma yana lissafa ka. Mai awo da mai duba irin wannan wasa suke yi, amma kafin mu kai gare su sai mun koyi karanta jadawalin.

## Yadda ake karanta jadawalin sakamako

Ɗauki 'yan hatsi biyu da rumfunansu ke manne da juna, hajarsu iri ɗaya. Mu kira su mai rumfar gabas da mai rumfar yamma. Kowace safiya kowannensu yana da zaɓi biyu: ya tsaya kan farashin jiya, ko ya rage kaɗan don ya janye masu saye. Ana jera zaɓin na gabas a layukan kwance, na yamma a layukan tsaye, sai a sami ɗakuna huɗu. A kowane ɗaki lamba ta farko ribar na gabas ce, ta biyu ta na yamma. Lambobin dubban sefa ne a rana, kuma na misali ne, ni da kawu muka ƙiyasta su a kan tabarma.

| | Yamma ya tsaya | Yamma ya rage |
|---|---|---|
| Gabas ya tsaya | 10, 10 | 4, 14 |
| Gabas ya rage | 14, 4 | 7, 7 |

Shiga rigar na gabas. In maƙwabcinsa ya tsaya, shi tsayawa ta ba shi 10, ragewa ta ba shi 14, ragewa ta fi. In maƙwabcin ya rage, tsayawa 4, ragewa 7, nan ma ragewa ta fi. Ko me ɗayan ya yi, ragewa ce mafita. Irin wannan ita ake kira dabara mai rinjaye: wadda ta fi sauran ba tare da ka buƙaci sanin abin da ke zuciyar abokin hamayyarka ba. Na yamma ma lissafinsa ke nan, don haka su biyun za su rage, kowa ya tashi da 7, alhali da sun tsaya da kowa ya sami 10.

Wannan tsari shi ne aka fi sani da tsaka-mai-wuyar fursunoni biyu. Merrill Flood da Melvin Dresher ne suka fara gwada shi a Amurka a 1950, Albert Tucker kuma ya sa masa labarin fursunonin. Ba zan daɗe a kansa ba, don shi ne mai sauƙi, kuma ma a misalinmu mai saye ne ya ci riba.

## Mene ne daidaito, kuma mene ne ba shi ba

Ɗakin 7 da 7 yana da wata siffa. Je ka tambayi na gabas da yamma ta yi: yanzu da ka ga abin da maƙwabcinka ya yi, da za ka sauya naka kai kaɗai? Zai ce a'a, don da ya tsaya da 4 ya samu. Na yamma ma haka zai ce. Duk ɗakin da babu wanda zai ƙaru in ya sauya shi kaɗai, ɗayan yana nan inda yake, shi ne daidaito. Ana jingina shi ga John Nash, Ba'amurken da ya bayyana shi a 1950 yana ɗalibi a jami'ar Princeton, kuma da wannan aiki ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1994 tare da John Harsanyi da Reinhard Selten.

Kalmar tana ruɗin mutane, don a Hausa in an ce abu ya daidaita, kunne yana jin alheri. Nan ba haka ba ne. Daidaito ba adalci ba ne, ba kuma shi ne sakamako mafi kyau ba. Ɗakin 10 da 10 ya fi wa kowa, amma ba ya zama, don kowa yana ganin 14 tana ɗaga masa hannu. Daidaito wurin da abu ke tsayawa ne kawai, kamar yadda ruwa ke taruwa a kwari ko da kwarin tsakar gidanka ne.

Hanyar nemo shi a takarda ba ta da wuya. Ɗauki kowane zaɓi na na yamma ɗaya bayan ɗaya, ka ja layi ƙarƙashin lambar da ta fi girma ga na gabas. Sannan ka juya, ga kowane zaɓi na na gabas ka ja layi ƙarƙashin wadda ta fi girma ga na yamma. Ɗakin da lambobinsa biyu suka sami layi shi ne daidaito. Kuskuren da ɗalibaina suka fi yi shi ne kwatanta lambar mutum da ta abokin hamayyarsa a ɗaki guda. Ba a yin haka. Kowa da lambobin kansa ake kwatanta shi, na gabas daga sama zuwa ƙasa, na yamma daga hagu zuwa dama.

## In babu dabara mai rinjaye

Yawancin al'amuran rayuwa ba su da dabara mai rinjaye. Abin da ya fi maka ya dogara da abin da ɗayan ya yi. Wata Hajiya da ƙanwar mijinta suna haɗa kuɗin mota su kai kaya kasuwa. Hajiya ta fi son kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi, inda take da masu saye. Ƙanwar mijin ta fi son wata kasuwa daban. In suka rabu, kowace ta biya mota ita kaɗai, riba ta tafi a kuɗin mai.

| | Ƙanwa: Pitowa | Ƙanwa: ɗayar |
|---|---|---|
| Hajiya: Pitowa | 6, 4 | 1, 1 |
| Hajiya: ɗayar | 1, 1 | 4, 6 |

Ja layukan ka gani. Ɗakuna biyu ne suka cika, na sama a hagu da na ƙasa a dama. Daidaito biyu ke nan, kuma jadawalin ba zai gaya maka wanne za a bi ba. Abin da ke raba gardama a nan ba lissafi ba ne. Girma ne, ko al'ada, ko wadda ta riga ta kira direba ta ba shi kafin alƙalami. In Hajiya ta ce "ƙanwata, na riga na biya, Pitowa za mu," to ƙanwar 4 ta fi mata 1, za ta bi tana guna-guni.

Rashin dabara mai rinjaye, ke nan, ba ya nufin rashin daidaito. Wani lokaci ma yawa yake yi. Amma akwai nau'i na uku, inda za ka ja layuka duka ka tarar babu ɗaki ko ɗaya da ya cika, kuma nan matsalar kawu take.

## Mai awo da mai duba

Ga yadda muka ƙiyasta. Mai awo in ya yi gaskiya yana samun dubu 10 a rana, a duba shi ko kar a duba. In ya bubbuga gindin kwano ya lotsa ciki, ko ya ajiye ƙaramin kwano a bayan buhu, kuma ba a zo dubawa ba, ya sami ƙarin dubu 3, wato 13. In aka kama shi, ƙarin ya tafi, ya kuma biya tarar dubu 12, sai ya tashi da asarar dubu 2.

Mai duba shi ma ɗan kasuwa ne, ba ma'aikacin gwamnati ba. Duk ranar da ya ɗauki kwanon ma'auni ya zagaya, ya bar rumfarsa, ya kuma jawo wa kansa harara, mun sa wannan a dubu 2. In ya kama mai laifi, dattawa suna ba shi tukwicin dubu 5, ya rage masa 3 bayan cire wahala. In ya zauna, mai awo ya yi algus, ƙara ta kai ga dattawa, ana yanke masa alawus ana kuma yi masa faɗa a gaban jama'a, mun sa wannan a asarar dubu 3. In ya zauna kuma babu algus, babu riba babu asara.

| | Ya duba | Ya zauna |
|---|---|---|
| Gaskiya | 10, −2 | 10, 0 |
| Algus | −2, 3 | 13, −3 |

Bi ɗakunan da gwajin da muka koya. A ce mai awo yana gaskiya, mai duba yana zagayawa: mai duba zai ce me nake wahalar da kaina, ya zauna. Da ya zauna, mai awo ya ga 13 ta fi 10, ya koma algus. Da algus ya yi yawa, mai duba ya ga 3 ta fi asarar 3, ya tashi. Da ya tashi, mai awo ya koma gaskiya. Mun dawo inda muka fara. Kowane ɗaki akwai mai son barinsa, sai zagaye ake yi kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Nash ya tabbatar da cewa duk wasan da 'yan wasansa da zaɓuɓɓukansa suke da iyaka yana da daidaito aƙalla ɗaya, muddin an yarda mutum ya gauraya dabarunsa. John von Neumann ya riga ya nuna haka tun 1928, amma ga wasannin mutum biyu da ribar ɗaya ita ce asarar ɗayan daidai wa daida. Gauraya tana nufin ka yi wannan wani lokaci, ka yi wancan wani lokaci, bisa wani kaso, ba tare da an iya hasashen na yau ba.

To wane kaso? Dabarar nemo shi tana zuwa wa mutane a bai-bai. Mai awo ba zai yarda ya riƙa gaurayawa ba sai in gaskiya da algus sun zo masa kunnen doki. In ɗaya ta fi, ita zai riƙe kullum. Abin da ke sa su zo kunnen doki kuwa shi ne yawan zagayen mai duba. Mu kira kason ranakun dubawa `q`. Gaskiya tana ba da 10. Algus yana ba da 13 a ranakun da ba a duba ba, da asarar 2 a ranakun da aka duba.

```
10 = 13(1 − q) − 2q
10 = 13 − 15q
q = 3/15 = 1/5
```

Rana ɗaya cikin biyar ke nan. Gwada da kwana biyar: mai algus ya ci 13 sau huɗu, 52, ya yi asarar 2 sau ɗaya, ya rage 50. Mai gaskiya ya sami 10 sau biyar, 50. Sun yi daidai.

Yanzu a juya. Mai duba ba zai gauraya ba sai in tashi da zama sun zo masa ɗaya, kuma yawan algus ne ke yanke wannan. Mu kira kason algus `p`.

```
3p − 2(1 − p) = −3p
8p = 2
p = 1/4
```

Daidaiton wasan shi ne algus rana ɗaya cikin huɗu, dubawa rana ɗaya cikin biyar. In algus ya haura haka, zagaye ya zama riba ga mai duba, ya matsa har ya sauko. In ya yi ƙasa da haka, zama ya fi masa, ya saki har ya hau.

## Abin da ninka tara ya taɓa

Dubi lissafin biyu da kyau. Kason dubawa ya fito ne daga lambobin mai awo: 10, 13 da asarar 2. Kason algus kuma ya fito daga lambobin mai duba: wahalarsa, tukwicinsa da abin da ake yanke masa. Tara tana cikin lambobin mai awo. Babu ita ko kaɗan a lissafin da ya haifar da ɗaya bisa huɗu.

Da dattawa suka kai tarar dubu 24, asarar wanda aka kama ta koma 14. Sake lissafin: 13 − 27q ya zama 10, sai `q` ya koma ɗaya bisa tara. Mai duba yanzu rana ɗaya cikin 9 ta ishe shi. Algus kuwa yana nan a ɗaya bisa huɗu, bai motsa ba.

Da na kai nan kawu ya ajiye carbinsa ya ce: "Wato mun yi wa mai duba sauƙi ne kawai?" Na ce: "Kusan haka ne, Kawu." Makonni ukun farko da ya gani ma suna cikin bayanin. Ranar da aka yi shela, mai duba yana kan tsohon zagayensa na ɗaya cikin biyar, kuma da sabuwar tara algus ba ya biya: sau huɗu 13, a cire 14, ya rage 38 a kwana biyar, ƙasa da 50 ɗin mai gaskiya. Kowa ya gyara kwanonsa. Mai duba ya yi ta zagaye ba ya kama kowa, kowane zagaye asarar dubu 2 ce gare shi, sai ya fara tsallake kwanaki. Ba lalacewa ya yi ba, kowa aka sa a wurinsa haka zai yi. Da masu ido suka lura ya rage fita, sai tsohon kwano ya sake fitowa daga bayan buhu.

Ga mai saye abin ma ya ɗan ƙara muni. A da, algus ɗin da ke wucewa ba a kama ba shi ne huɗu bisa biyar na ɗaya bisa huɗu, wato kashi 20 cikin 100 na ranaku. Yanzu takwas bisa tara ne na ɗaya bisa huɗu, kusan kashi 22. Wani abin da ya fi yaudara shi ne littafin dattawa. A da ana kama mutum rana ɗaya cikin 20, yanzu ɗaya cikin 36. Duk wanda ya buɗe littafin zai ga kamu ya ragu ya ce an ci nasara. In kana son sanin gaskiya kada ka ƙirga waɗanda aka kama. Raba yawan kamu da yawan zagaye. In har yanzu kowane zagaye huɗu yana fito da mai laifi ɗaya, to babu abin da ya canza sai ƙafar mai duba.

## Ɓangarori biyu na gardamar

Masu cewa a ƙara tara ba jahilai ba ne, suna da babban malami a bayansu. Gary Becker, masanin tattalin arziki na Chicago, ya rubuta a 1968 cewa mai laifi yana auna ribarsa da girman hukunci da kuma yiwuwar a kama shi, don haka ɗaga ko wanne daga cikin biyun yana rage laifi. Wannan daidai ne matuƙar yiwuwar kamu tana tsaye wuri ɗaya. George Tsebelis, masanin kimiyyar siyasa, shi ne ya yi fice a 1989 da nuna inda hujjar ke karyewa: mai kamu ba ruwan sama ba ne. In ka sayi laima, hadari ba ya sauya shawara. Amma in mai awo ya gyara hali, mai duba yana gani, yana kuma sauya nasa.

Ni dai ina ganin kowannensu yana da gaskiya a wurinsa, kuma tambayar da ke raba su ɗaya ce: shin mai duba shi ke zaɓar ranar fitarsa, ko an ɗaure shi?

A ce dattawa sun karɓe zaɓin daga hannunsa. Kowace safiya limamin masallacin kasuwa ko wani dattijo ya zuba duwatsu biyar a hula, ɗaya baƙi, a sa yaro ya zaro. In baƙi ya fito, dole a zagaya, ko an yi wata guda ba a kama kowa ba. Yanzu `q` ya tsaya a ɗaya bisa biyar, kuma mun riga mun ga cewa da tarar dubu 24 algus yana ba da 38 inda gaskiya ke ba da 50. Tarar da ta gaza ɗazu ta yi aiki. Sharaɗin shi ne ƙuri'ar ta zama ta gaske. In aka ce kowace Talata ake dubawa, an faɗa wa mai algus ranar hutunsa ne kawai.

In kuwa za a bar wa mai duba zaɓinsa, to lambobinsa za a taɓa. Kason algus shi ne wahalarsa a raba da jimillar tukwici da abin da ake yanke masa, 2 a kan 8. Samo masa yaron da zai tsare rumfa, wahala ta sauko dubu 1, algus ya koma ɗaya bisa takwas, rabi ke nan, da kuɗin da bai kai na buhun masara ba. Ko a ninka tukwici ya zama dubu 10, kason ya zama 2 a kan 13, wajen kashi 15 cikin 100. Na fi son hanyar farko. Babban tukwici yana iya sa mutum ya ga laifi inda babu.

Akwai kuma ramin da jadawalin bai nuna ba, don mun ba kowa zaɓi biyu kacal. Wanda aka kama zai yarda ya biya duk abin da bai kai tara ba, mai duba kuma yana iya karɓar duk abin da ya haura tukwicinsa. A da filin sasantawa a bayan rumfa daga dubu 5 ne zuwa 12. Yanzu ya kai 24. Ba na zargin kowa, amma duk mai ɗaga tara ya san ya faɗaɗa wannan fili.

## Da gaske mutane suna yin haka?

Kawu ya ce shi bai taɓa ganin mai awo da alƙalami yana neman `p` ba. Gaskiyarsa. Ba a buƙatar kowa ya yi lissafin, gogewa ce ke tura mutane wurin. Shaida mafi tsafta da aka samu daga filin ƙwallo ta fito, kuma mu nan mun san zafin bugun fenariti tun daren 3 ga Fabrairun 2022, da Masar ta fitar da Kamaru da ci 3 da 1 a Yawunde bayan an tashi babu ci.

Ƙwallo tana isa raga cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, don haka gola ba ya jira ya gani, tare suke zaɓa shi da mai bugu. Ignacio Palacios-Huerta ya tattara fenariti 1,417, galibi daga gasannin Sifen, Italiya da Ingila, ya wallafa sakamakon a 2003. In mai bugu ya buga ɓangaren da ƙafarsa ta saba, gola ya bi can, ana ci kashi 70 cikin 100, in gola ya bi ɗaya ɓangaren kashi 93. In ya buga ɓangaren da bai saba ba, gola ya canka, kashi 58, in bai canka ba kashi 95. Babu dabara mai rinjaye, babu ɗakin da ke zama. Irin lissafin da muka yi ya ce mai bugu ya nufi ɓangarensa mai rauni kusan kashi 39, gola ya faɗa can kashi 42. Abin da 'yan wasan suka yi a zahiri shi ne kashi 40 da kashi 42. Ba su karanta Nash ba. Wanda duk ya karkata gefe ɗaya ana gane shi, a hukunta shi, ya gyara ko ya bar buga fenariti.

Sai dai kasuwa ba fili ba ce, kuma jadawalinmu yana da iyaka. Mun ɗauka kowane mai awo kuɗi kaɗai yake gani. A layin kawu akwai waɗanda ko an ɗauke mai duba shekara guda ba za su taɓa gindin kwano ba, don sun haddace farkon Suratul Muɗaffifina suna kuma jin tsoronta. A wurinsu gaskiya dabara ce mai rinjaye, 13 ɗin nan ba 13 ba ce. Shi ya sa ya fi dacewa a karanta ɗaya bisa huɗu a matsayin kason rumfunan da ke algus a rana, ba wai kowane mutum yana sata kwata ɗin kwanakinsa ba. Harsanyi ya nuna a 1973 cewa ana iya fahimtar gaurayar dabara ta irin wannan fuska: kowa yana yanke shawara tsayayya bisa abin da shi kaɗai ya sani na halinsa, mai kallo daga waje ne ke ganin kamar ƙuri'a. In masu tsoron Allah suka yi yawa har masu son algus ba su kai kwata ba, zagaye ba zai taɓa biyan mai duba ba, kuma babbar tara ba za ta tsorata kowa ba tunda ba mai zuwa.

Mun kuma ɗauka wasan na rana ɗaya ne tsakanin mutum biyu. Matar da ke sayen kwano biyu kowace safiya 'yar wasa ce ta uku, in ta gane an cuce ta ta koma rumfar gaba, ta kuma faɗa wa matan unguwa. Wannan asara ce da ba ta bi ta hannun mai duba ba, shi ya sa algus ya fi sauka a kan baƙo da ɗan aike da mai saye ranar babbar kasuwa. Sannan mai ƙaramin jari ba ya kallon tarar dubu 24 da matsakaicin lissafi, don kamu ɗaya yana iya rufe masa rumfa. Shi babbar tara tana tsorata shi fiye da yadda jadawali ya nuna, mai manyan buhuna kuwa ko a jikinsa.

Kawu ya karɓi takardar ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Ya ce maganar yaron tsaron rumfa za ta wuce cikin sauƙi a zaman dattawa, ta duwatsu a hula ce zai sha fama, don mai duban ɗan aminin shugaban layi ne kuma zai ɗauka an ce ba a yarda da shi ba. Ya ce in zo da kwanon ma'auni da alli ranar Lahadi bayan azahar, in sake zana musu ɗakunan huɗu a jikin ƙofar sito.